Asalin Kalma: ECOMOG

A unguwar Lamisula da ke Borno, in aka turo maka saƙon waya cewa "yayana ɗan ECOMOG ne", kada ka yi saurin yabo ko zargi, domin kalmar baki biyu gare ta.

Asalinta gajarta sunan rundunar kiyaye zaman lafiya ce da ƙungiyar ECOWAS ta kafa a 1990, ta tura Laberiya lokacin yaƙin basasa. Najeriya ce ta ba da mafi yawan sojojin, kuma su ne suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998.

Da siyasa ta yi zafi a Borno wajen zaɓen 2003, sai aka laƙaba sunan ga matasan da 'yan siyasa ke ɗauka don bangar siyasa, kamar 'yan Kalare a Gombe da Sara-Suka a Bauchi.

Sauran zancen ne ke raba gardama. In an ambaci Laberiya, bariki ko fansho, tsohon soja ake nufi. In an ambaci kamfe ko rumfar zaɓe, ɗan banga ne. Mai rubutu ya fayyace, kada ya zubar da mutuncin wanda ya yi wa ƙasa hidima.