Auna Ƙarfin Haihuwar Ɗafin Jam'i a Rubutacciyar Hausar Briqueterie, Yawunde

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake auna ƙarfin ɗafi wajen haifar da sababbin kalmomi, da yadda rubutun Hausa da ƙa'idar Faransanci ke iya ɓata awon.

Ma'auni

Baayen da Lieber (1991) sun bambance abu biyu. Na farko shi ne `V`, yawan kalmomi mabambanta masu ɗauke da ɗafin, wanda ke nuna aikin da ɗafin ya riga ya yi. Na biyu shi ne `P = n1/N`, inda `n1` ke nufin kalmomi masu ɗafin da suka fito sau ɗaya tak a rumbun matani, `N` kuma jimillar fitowar ɗafin. Hujjar ita ce, sabuwar kalma ba ta yawan maimaituwa, don haka a cikin 'yan sau-ɗaya ake samun ta.

Jam'i biyu

Newman (2000) ya nuna cewa jam'i irin na tagogi da motoci shi ne mafi haihuwa, kuma kalmomin aro da yawa nan suke faɗawa. Irin na gidaje da ƙasashe kuwa ya fi tsayawa ga tsofaffin kalmomi. Mu ƙaddara kowannensu ya fito sau 2,000. Na farko yana da kalmomi mabambanta 150, 'yan sau-ɗaya 60, `P` ɗinsa 0.03 ke nan. Na biyu yana da 40, 'yan sau-ɗaya 4, wato 0.002. Daidaita `N` ɗin nan wajibi ne, domin `P` raguwa yake yi in matani suka ƙaru, kamar yadda Gaeta da Ricca (2006) suka nuna a Italiyanci.

Inda gizo ke saƙa

Yawancin Hausawan Briqueterie da suka yi boko da Faransanci suka yi shi. Mai irin wannan karatu yana iya rubuta gidaje a matsayin `guidadje`, ƙasashe kuma `kassache`. Na'ura za ta ƙirga kowace siga a matsayin kalma dabam. In irin waɗannan 30 suka shiga jam'i na biyu a matsayin 'yan sau-ɗaya, `P` zai tashi zuwa 0.017, ya ninka fiye da sau takwas, alhali ba a haifi kalma ko ɗaya ba. Jam'i na biyun ne zai fi kumbura a gwargwado, saboda 'yan sau-ɗayansa na gaskiya kaɗan ne.

Gane wannan ba wuya, sai dai cin lokaci. A jera 'yan sau-ɗayan, a nemo tilon kowace, ana lura da ganɗantawar da ta mayar da t ta mota zuwa c. Duk wadda tilonta ya zo ɗaya da na wata kalma mai yawan fitowa, bambancin rubutu ce, a haɗe su.

A ganina, bai kamata a amince da kowane `P` daga matanin Hausar Kamaru ba sai mai binciken ya bayyana yadda ya daidaita rubutun kafin ƙirga.