Gyambon Sababbin Haƙoran Roba

Gyambon sababbin haƙoran roba ƙananan raunuka ne da ke fitowa a dasashin wanda aka yi wa cikakken jerin haƙoran roba, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa bakwai da fara sawa. Haƙoran na zaune ne a kan siririyar fatar da ke rufe ƙashin muƙamuƙi, wadda ba ta saba ɗaukar nauyin tauna ba. Inda gefen robar ya yi tsawo, ko ƙashi ya yi tsini, ko haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗu daidai ba, sai wurin ya yi ja, daga baya ya zama gyambo mai fari a tsakiya. Na ƙasa sun fi kawo wannan matsala, domin mazauninsu ƙarami ne, kuma harshe na yawan motsa su. Idan ba a daɗe da cire haƙoran asali ba, ƙashin na ci gaba da raguwa tsawon watanni, robar kuma ta yi sako-sako.

Likitan haƙori kan sake duba majiyyaci bayan awa 24 zuwa 48. Yakan shafa wani farin man gwaji a cikin robar. Inda man ya goge, nan ke matsa dasashi, sai ya kankare wurin kaɗan. Ana so majiyyaci ya sa haƙoran na wasu awanni kafin ya je, don wurin da ke masa ciwo ya fito fili. A makonnin farko ana cin abinci mai laushi a ƙananan loma, ana tauna ta ɓangarori biyu lokaci guda, ana kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ana kuma cire haƙoran da dare. Ba a son majiyyaci ya kankare robar da kansa. Gyambon da ya wuce mako biyu bayan gyara yana buƙatar bincike na musamman, domin cutar daji ta baki kan fara da irin wannan kama.