Yadda ake tantance shagon intanet kafin a tura kuɗi

Mai saye daga Tambuwal ko Kebbe ba kasafai yake samun damar biya bayan kaya sun iso ba. Galibi sai ya tura kuɗi tukuna, sannan a sako kayan a mota zuwa tasha. Saboda haka dole bincike ya riga biya, kuma abubuwa uku ake dubawa.

Shekarun shafi

Galibi adireshin shafi yana da ranar rajista da kowa ke iya gani. Idan ya ƙare da .com, a shiga lookup.icann.org, a rubuta adireshin, a duba ranar da ke gaban kalmar Created. A ɗauka wani manomin fadama ya ga shagon da ke tallar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a rabin farashin kasuwa, yana iƙirarin shekara 8 a sana'ar. Da ya duba, sai ya tarar an yi wa adireshin rajista mako 3 da suka wuce. Sabunta ba laifi ba ce; saɓani tsakanin iƙirari da ranar rajista shi ne alamar haɗari. Tsufa ma ba tabbaci ba ne, domin ana sayen tsohon adireshi. Shi ya sa ake leƙa web.archive.org a ga abin da shafin ke ɗauke da shi bara.

Lamba da adireshi

A kira lambar a yi magana da mutum, kada a tsaya ga saƙon WhatsApp. Idan an ce shagon yana Sakkwato ko Kano, a tura ɗan'uwa ko direban da aka sani ya gani da ido. A kuma nemi sunan a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ko da yake rajista tana nuna wanzuwar suna ne kawai, ba riƙon amana ba. Gwaji mafi ƙarfi yana zuwa lokacin tura kuɗi: manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin a sa lambar sirri. Idan sunan wani mutum ya fito maimakon na shagon, a dakata.

Ra'ayoyin masu saye

Yabon da ke cikin shafin shago, mai shagon ne ke zaɓensa. A nemi sunan shagon a Google da Facebook tare da kalmar scam. Yabon ƙarya yakan zo a jere cikin 'yan kwanaki, da kalmomi iri ɗaya, ba ambaton kaya ko gari. Na gaskiya yakan haɗa da ƙorafi, kamar jinkirin isowa.

In an riga an biya kuma waya ta mutu, a sanar da banki nan take, a adana rasit da hotunan hira, sannan a kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC.