Mai shayarwa da shan magani: nawa ne ke shiga cikin nono?

A ikilisiyoyinmu na kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Barnawa har Narayi da Sabon Tasha, akwai shawarar da muke yawan ji idan 'yan zumuntar mata sun je gaida mai jego marar lafiya. Wata uwa za ta ce, "Tun da kina shan magani, ki dakata da ba shi nono sai kin gama." Wata kuma ta ce ta jure zazzaɓin, kada ta sha komai. Da kyakkyawar niyya ake ba da shawarwarin biyu, amma a yawancin lokaci dukansu kuskure ne. Kusan kowane magani da uwa ta sha yana kaiwa ga nononta, wannan gaskiya ne. Abin dubawa shi ne yawan abin da ya kai, da irin maganin, da kuma ƙarfin jaririn da zai sha.

Hanyar da magani ke bi

Ƙwayar da uwa ta haɗiye ba ta wucewa kai tsaye daga ciki zuwa nono. Tana narkewa a hanji, ta shiga jini, ta bazu cikin jikin babban mutum, hanta da ƙoda kuma su fara fitar da ita tun daga lokacin. Daga ɗan abin da ke yawo a jini ne nono ke ɗiba. Ko shi ma ba duka ba, domin wasu magunguna suna manne wa furotin na jini, kuma abin da ya manne ba ya ƙetarewa. Sa'an nan wanda ya ƙetare sai ya sake bi ta hanjin jariri kafin ya isa jininsa.

Likitoci suna auna wannan ta hanyar kwatanta abin da jariri ya samu da abin da uwa ta sha, kowanne bisa nauyin jikinsa. Idan rabon jariri bai kai kashi 10 cikin 100 na rabon uwa ba, galibi ana ɗaukar maganin a matsayin wanda za a iya sha ana shayarwa. Yawancin magungunan da muka saba gani a asibiti da kemis suna ƙasa da haka sosai.

Bari mu yi lissafin da misali. A ce mace ce a Narayi mai nauyin kilo 60, jaririnta ɗan wata biyu mai kilo 5, likita ya rubuta mata amoksisilin saboda ciwon ƙirji, miligiram 500 sau uku a rana. Tana shan miligiram 1,500 ke nan a yini, wato miligiram 25 ga kowane kilo na jikinta. Da aka auna nonon matan da suka sha giram ɗaya na wannan magani, abin da aka samu a lokacin da ya fi yawa bai wuce kusan miligiram ɗaya a lita guda ba. Jaririn da yake kan nono zalla yana shan kimanin mililita 150 a rana ga kowane kilo na jikinsa, saboda haka wannan yaro zai sha mililita 750, kashi uku cikin huɗu na lita. Duk abin da zai samu a yini bai cika miligiram ɗaya ba. Idan aka raba da nauyinsa, miligiram 0.15 ne ga kowane kilo, a gaban 25 na uwarsa, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Da shi yaron ne ba shi da lafiya, likita zai ba shi wannan maganin kai tsaye fiye da miligiram 200 a rana.

Abin da ɗan wannan adadi zai iya jawowa shi ne kashin yaro ya ɗan yi ruwa, ko farin kumburi ya fito masa a baki ko harshe, wani lokaci kuma ƙuraje. Kashi mai ɗan laushi ba dalilin yaye ba ne. Ƙuraje masu yaɗuwa ko kumburin fuska kuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Yanzu mu dubi ɗaya hannun. Idan wannan mace ta bi shawarar dakatawa har kwana biyar ko bakwai, nono zai cika ya yi tauri, zai iya zama ciwon nono, daga baya kuma ruwan ya ragu domin jiki yana yin nono ne gwargwadon yadda ake tsotsa. Yaron zai koma madarar gwangwani da aka dama da ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a kwalbar da ba kullum ake tafasawa ba, kuma gudawa a ɗan wata biyu ba abin wasa ba ce. An guje wa abin da bai kai miligiram ɗaya ba, an ɗauko haɗarin da ya fi shi nesa. Ko a ciwon nono kansa, wanda mutane ke cewa nono ya ɓaci, likitoci suna so a ci gaba da shayarwa har da ɓangaren mai ciwo, domin fitar ruwan na cikin maganinsa.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake lura da su

Amoksisilin da danginsa, irin su amfikulos, suna cikin masu sauƙi. Filajil yana shiga nono fiye da su, kusan daidai da yadda yake a jinin uwa, kuma wasu jarirai kan yi ƙyuyar tsotsa saboda ɗaci. Duk da haka ana shan sa ana shayarwa idan adadin da aka saba ne. Idan babban adadi ne na giram 2 a lokaci ɗaya, wasu likitoci kan ce a dakata awa 12 zuwa 24, uwa ta tatse nonon ta zubar don kada ya tsaya.

Seftirin ne muke so a riƙe sunansa. Ga yaron da ya yi ƙwari ba shi da matsala sosai, amma ana guje masa idan jariri bai cika wata ɗaya ba, ko bakwaini ne, ko yana da shawara, wato idonsa da fatarsa sun yi rawaya. Haka kuma idan yana da ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda gado ne, yana da yawa a Najeriya, musamman ga yara maza. Irin wannan yaro jajayen ƙwayoyin jininsa kan fashe idan suka haɗu da wasu magunguna, kuma iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da shi ba. Kuloramfenikol kuwa, wanda aka daɗe ana sayen sa don taifot, mai shayarwa ta bar shi, akwai waɗanda suka fi shi aminci.

Zazzaɓin cizon sauro

Da damina wannan ce tambayar da ta fi yawa. Maganin da aka fi bayarwa yanzu shi ne haɗin atemeta da lumefantirin, wanda mutane suka fi sani da kowatem: ƙwaya huɗu a sha ɗaya, sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mai shayarwa ta sha shi, domin abin da ke kaiwa nono kaɗan ne. Idan jaririn bai kai kilo 5 ba, a faɗa wa likita nauyinsa, amma ba a barin uwa da zazzaɓin da gwaji ya tabbatar. Cutar ba ta bin nono, sauro ne ke kawo ta.

Akwai kuskure na kishiya da muka sha ji, kuma a ganinmu ya fi na farko haɗari. Uwa da ɗa suna zazzaɓi tare, sai uwa ta sha magani ta ce zai same shi ta nono. Ba zai same shi ba. Ƙanƙantar da ta sa maganin bai cutar da shi ba, ita ce ta sa ba zai warkar da shi ba, ba kuma zai kare shi ba. Jariri mai zafin jiki yana bukatar nasa gwajin da nasa maganin, in kuwa bai kai wata biyu ba, asibiti za a nufa nan take. Fansida tana ɗauke da sinadari ɗan gidan su seftirin, don haka sharaɗin jariri sabon haihuwa, mai shawara ko mai ƙarancin G6PD ya shafe ta. Firimakwin ma ba a shan sa sai likita ya san halin jinin uwa da na yaro.

Maganin ciwo

Farasitamol da aibufurofen su ne zaɓi na farko. Aibufurofen yana manne wa furotin na jini kusan gaba ɗaya, shi ya sa abin da jariri ke samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ko da yake mai gyambon ciki ba za ta sha shi ba saboda lafiyar kanta. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini, kuma a duba maganin mura da ake sha tare da shi, domin da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki. Asfirin mai yawa ba a so, kuma garin Alabukun asfirin ne da kafeyin, ko da yake mutane ba sa kallon sa haka.

Inda ƙa'idar kashi 10 ba ta isa ba shi ne kodin da taramol. Hanta tana juya kodin ya zama mofin, kuma akwai mutanen da bisa gado hantarsu ke yin wannan da sauri fiye da kima, ba tare da sun sani ba. Mofin ɗin yana shiga nono, hantar sabon jariri kuma ba ta iya fitar da shi da wuri, sai ya taru kwana bayan kwana. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa mai shayarwa kada ta sha kodin ko taramol. A nan gida gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma taramol har yanzu yana hannun mutane, kuma ba wuya maƙwabciya ta miƙa wa wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ƙwaya biyu don ta samu barci. Alamun da za a lura da su a jariri su ne barcin da ya wuce kima har ba ya tashi neman nono, kasa tsotsa, jiki ya saki, numfashi ya yi jinkiri, ko leɓe ya canja launi. Wanda ya ga haka a Kakuri ko kewaye, Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard suna kusa, a tafi da yaron da kwalin maganin a hannu.

Game da lokacin sha, idan uwa ta sha magani daidai bayan yaro ya gama tsotsa, yakan ɗan rage abin da zai samu a shayarwa ta gaba. Wannan yana aiki ga masu saurin fita daga jiki kamar farasitamol. Ga lumefantirin, wanda ke kwanaki a jini, ba ya canja komai, don haka a bi awannin da aka rubuta.

Abubuwa huɗu ne mai ba da magani yake bukata ya ji kafin ya zaɓa: cewa ana shayarwa, watannin yaron da nauyinsa, ko an haife shi kafin lokaci, da ko ya taɓa yin shawara. Wahalar ita ce ƙwayoyin da ake ƙirgowa a kemis a zuba cikin leda ɗaya, ja da fari da rawaya ba suna. Duk lissafin da muka yi a sama yana farawa ne da sanin sunan magani da adadinsa, saboda haka mai shayarwa ta nemi a rubuta mata sunan kowace ƙwaya a jikin ledar kafin ta biya.