Keɓancewa, Rungumowa da Yawan Hanyoyi: Tarihin Rabon Gida Uku da Jarrabawarsa a Taron 1976

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa littattafan da aka rubuta a kan tattaunawa tsakanin addinai zai tarar an kasa ra'ayoyin malamai gida uku. Na farko shi ne ra'ayin keɓancewa, watau cewa gaskiya da tsira suna cikin addini ɗaya tak. Na biyu shi ne ra'ayin rungumowa, watau cewa addini ɗaya ne cikakke, amma rahamar da ke cikinsa tana iya kai wa ga waɗanda ke wajensa. Na uku shi ne ra'ayin yawan hanyoyi, watau cewa manyan addinai hanyoyi ne dabam-dabam, babu wadda ta ɗara wata wajen kai mutum ga tsira.

An saba jera su tamkar matakala, a nuna cewa sai mutum ya bar matakin farko ya hau na ƙarshe kafin ya iya tattaunawa ta gaskiya. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun wannan rabo daga inda ya taso, sa'an nan mu aza shi a kan wani zama guda da aka yi tsakanin Musulmi da Kirista a shekarar 1976, mu ga ko ya bayyana mana abin da ya faru a can.

2.0 Asalin Rabon

Wani limamin cocin Ingila, Alan Race, shi ne ya shahara da jera waɗannan sunaye uku a littafinsa na 1983. Amma muhawarar da ya taƙaita ta girme shi da shekaru masu yawa, kuma muhawara ce ta cikin gidan Kirista, wadda aikin mishan ya haifar.

A shekarar 1938 aka yi babban taron 'yan mishan na duniya a Tambaram, kusa da Madaras ta ƙasar Indiya. Littafin da aka tanada domin taron shi ne na Hendrik Kraemer, mutumin Holan wanda ya daɗe yana aiki cikin Musulmin Indunisiya. Kraemer ya ce addinai ƙoƙarin ɗan Adam ne, kuma babu wata gada da ta haɗa su da wahayin da ke cikin Almasihu. Ya kamata mu lura cewa ya san Musulunci, kuma ya nemi 'yan mishan su yi tawali'u. Ke nan keɓancewarsa ba daga jahilci ta fito ba.

Ra'ayin rungumowa kuwa ya sami babban mai kare shi a wurin Karl Rahner, malamin Katolika Bajamushe. A wata lacca ta 1961 ya ce wanda bai san Almasihu ba, amma ya bi lamirinsa da gaskiya, yana iya tsira ta alherin Almasihu ba tare da ya sani ba. Ya kira irin wannan mutum Kirista marar suna. Shekara huɗu bayan haka, ranar 28 ga Oktoba 1965, Majalisar Fatikan ta Biyu ta fitar da sanarwar da ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce. Sai dai ba ta ce uffan a kan annabcin Annabi Muhammadu (SAW) ko Alƙur'ani ba, wanda ya nuna iyakar wannan runguma.

Na uku ya fito ne daga John Hick, wanda ya koma birnin Bamingam a 1967, ya zauna cikin Musulmi da Hindu da 'yan Sik. A littafinsa na 1973 ya ce kamar yadda masana taurari suka gane cewa rana ce a tsakiya ba duniya ba, haka ya kamata a cire Kiristanci daga tsakiya a sa Allah. A 1989 ya ƙara gaba, ya ce abin da ke tsakiyar wata Haƙiƙa ce da ba a iya siffanta ta, kowane addini yana hangenta ta tagar al'adarsa.

3.0 Inda Ma'aunin Ya Karkace

Kowane ra'ayi yana da abin da ke cin sa. Mai keɓancewa yakan rasa amsa mai gamsarwa game da wanda saƙo bai taɓa riskarsa ba. Mai rungumowa yakan laƙaba wa maƙwabcinsa sunan da bai roƙa ba. Rahner da kansa ya ba da labarin yadda masanin falsafa na Japan, Keiji Nishitani, ya tambaye shi ko zai yarda a kira shi ɗan Buda marar suna, ya amsa cewa zai ɗauki hakan a matsayin girmamawa. Amsar ta yi kyau, amma ta nuna cewa kowa na iya juya ma'aunin ya auna ɗan'uwansa. Mai yawan hanyoyi kuwa, domin ya daidaita addinai, tilas ya gaya wa Musulmi cewa cikar annabci ba a zahirinta take ba, ya gaya wa Kirista haka game da allahntakar Almasihu. Shi ya sa Gavin D'Costa ya rubuta a 1996 cewa wannan ra'ayi shi ma keɓancewa ce, domin yana da gaskiyarsa da yake kore sauran da ita.

Akwai kuma wata matsala da takan fito idan aka kawo rabon cikin Musulunci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa Rumawa da Turkawan zamaninsa waɗanda ba Musulmi ba kashi uku a littafinsa Faisalut Tafriƙa. Kashi na farko ba su taɓa jin sunan Annabi ba, saboda haka suna da uzuri. Kashi na biyu sun ji sunansa da siffofinsa da mu'ujizozinsa, sun yi cuɗanya da Musulmi, amma suka ƙi. Waɗannan su ne kafirai. Kashi na uku tun suna yara ba su ji kome game da shi ba sai ƙarya da ɓatanci, kuma Gazali ya haɗa hukuncinsu da na kashin farko. To, a wane gida za mu sa shi? Game da gaskiyar addini mai keɓancewa ne, game da makomar mutane kuwa ya buɗe ƙofa mai faɗi. Wannan ya nuna mana cewa rabon ya cakuɗa tambayoyi biyu: wane addini ne gaskiya, da kuma wane ne zai tsira. Tambaya ta uku, watau yaya za mu zauna da juna, ba ya taɓa ta ko kaɗan.

4.0 Taron 1976

A ƙarshen watan Yuni na 1976 wasu malaman Musulmi da na Kirista suka zauna a Shambezi, kusa da Janeba ta ƙasar Suwizalan. Sashen mishan na Majalisar Coci-coci ta Duniya ne ya shirya zaman tare da Gidauniyar Musulunci ta Lesta da wata cibiyar nazari ta Bamingam, kuma Khurshid Ahmad da David Kerr suka shugabance shi. Batun da aka zaɓa shi ne mafi zafi duka, watau mishan da da'awa.

Bishop Arne Rudvin na Karachi ya bayyana cewa wa'azin Almasihu umurni ne da Kirista ba shi da ikon ajiyewa. Isma'il Faruƙi ya bayyana da'awa a matsayin kira zuwa ga tauhidi ta hanyar hujja, ba tare da tilas ba. Idan muka bi rabon Race, babu ɗaya cikin waɗannan biyu da ya taka matakin yawan hanyoyi, kuma da matakalar gaskiya ce, da zaman ya watse a nan. Bai watse ba, sai dai maganar ta sauka daga aƙida zuwa aiki. Muhammad Rasjidi ya kawo ƙorafin Musulmin Indunisiya, Ali Muhsin Barwani ya kawo na Afirka ta Gabas. Abin da ya fi ci wa Musulmi rai shi ne amfani da makaranta da asibiti da kayan agaji don jawo mabuƙaci, da kuma alaƙar mishan da mulkin mallaka. Kiristoci su ma sun kawo kukansu game da 'yancin addini a ƙasashen Musulmi.

Sanarwar da aka fitar ta amince cewa mishan da da'awa wajibai ne a addinan biyu, kuma kowa yana da 'yancin ya gamsar, ko a gamsar da shi. Mahalarta Kirista sun nuna juyayi a kan zaluncin da 'yan mulkin mallaka suka yi wa Musulmi. Bugu da ƙari, taron ya yi kira ga coci-coci su dakatar da ayyukan agajin da aka karkatar don farautar mabiya a ƙasashen Musulmi.

Ba za mu ɓoye cewa wannan kira bai zama aiki ba. Amma dalilin ba ya cikin gidajen nan uku. Mahalartan ba su da ikon ɗaure waɗanda suke magana a madadinsu, Majalisar Coci-coci ba ta da hukunci a kan membobinta, kuma ƙungiyoyin mishan da dama ba sa cikinta ma. Kowa ya san ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

5.0 Kammalawa

Daga wannan bita mun fahimci cewa rabon gida uku yana da amfani wajen gane abin da malami ya yi imani da shi game da tsira, amma ba ya gaya mana ko tattaunawarsa za ta haifar da ɗa mai ido. Abin da ya yi tasiri a Shambezi shi ne an sa ainihin ƙorafi a kan tabarma, abin da ya kashe sakamakon kuma shi ne rashin mai aiwatarwa.

Muna da shaida a gida. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori masu gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun fara aikin sulhu tare a Kaduna a 1995, kuma babu wanda ya sauka daga aƙidarsa. Saboda haka shawararmu ga masu shirya irin wannan zama ita ce kada su gindaya sharaɗin barin keɓancewa kafin a shigo, domin yin haka zai bar mafi yawan limamai da fastoci a waje, alhali su ne jama'a ke saurare. Gara a tambayi mahalarci wane ƙorafi ya zo da shi, da kuma wa zai ji maganarsa idan ya koma gida.