Shamaki a fasahar sauya fuska

Shamaki a fasahar sauya fuska shi ne duk abin da ya tare wani ɓangare na fuskar mutum a hoto ko bidiyo, kamar tabarau, gemu ko hannu, a lokacin da ake ɗora wata fuska a kanta ta hanyar kwamfuta. Ana kiran mai fuskar da aka ɗauko da suna tushe, mutumin da ke cikin bidiyon kuma mazauni. Matsalar ta fi tsanani idan su biyun sun bambanta, misali ɗaya yana da gemu ɗayan ba shi da shi.

Shaci

Manhajar tana zana sabuwar fuska, sannan ta haɗa ta da hoton asali ta amfani da shaci. Shaci taswira ce da ke ba kowane ɗigo na hoton lamba tsakanin 0 da 1:

```
sakamako = M × S + (1 − M) × T
```

A nan `M` shi ne shacin, `S` sabuwar fuska, `T` kuma hoton mazauni. Inda `M` ya zama 1, sabuwar fuska ce ke fitowa. Inda ya zama 0, hoton asali ne ke zama. Don haka dole ne duk abin da ke gaban fuska ya samu 0, in ba haka ba za a shafe shi da fata.

Misali

A ɗauka mazauni yana da gemu da tabarau, tushe kuwa ba shi da ko ɗaya. A cikin bidiyon, mai hotuna 30 a kowace daƙiƙa, mazauni ya kai hannu bakinsa na rabin daƙiƙa, wato hotuna 15.

Hannun ne ya fi sauƙin yanke hukunci, domin ba ya cikin fuska, kuma dole a bar shi. Idan shacin ya bi siffar fuska kawai, leɓuna za su bayyana a kan yatsu a waɗannan hotuna 15. A manhajar DeepFaceLab, wadda ta fito a 2018, ana gyara wannan da XSeg: mutum yana zana iyakar fuska da kansa a wasu zaɓaɓɓun hotuna, ya ware yatsun, sai manhajar ta koyi yin hakan a sauran. Gefen hannu mai saurin motsi yakan dishe, shi ya sa iyakar ke wuyar samu a wurin.

Tabarau ya fi rikitarwa, saboda ana ganin ido ta cikin gilashinsa. Idan aka ware tabarau gaba ɗaya, idanun mazauni za su zauna, kamannin tushe ya ragu. Idan aka rufe shi duka, sai tabarau ya ɓace daga fuska amma hannayensa su rage a kan kunnuwa. Mafita ita ce a ware ƙarfen kawai, sai dai hasken da ke ƙyalli a gilashin yakan ɓace.

Gemu kuwa ba a gaban fuska yake ba, a jikinta ya tsiro, kuma yakan wuce haɓa ya sauka kan wuya. Idan aka rufe shi da fatar tushe, ragowarsa zai leƙo a ƙasan shacin. Idan aka bar shi, muƙamuƙi da haɓa na mazauni ne za su zauna. Cire shi gaba ɗaya yana buƙatar a ƙirƙiro wuyan da kyamara ba ta ɗauka ba. Wannan ne ya sa ake fifita mazaunin da ya yi kama da tushe tun farko.

Hanyoyin da ba sa buƙatar zane

Wasu manhajoji suna koyon rarraba sassan fuska daga tarin CelebAMask-HQ, mai hotuna 30,000 da rukunoni 19. Akwai rukunin tabarau da na gashi da na hula, amma babu na gemu ko na hannu, don haka sukan yi kuskure a waɗannan biyun.

FaceShifter, wanda masu bincike daga Jami'ar Peking da Microsoft suka gabatar a ƙarshen 2019, ya bi wata dabara. Ana ba matakin farko hoton mazauni a matsayin tushe da mazauni a lokaci guda. Tunda wannan mataki yakan goge shamaki, bambancin da ke tsakanin abin da ya fitar da hoton asali yana nuna inda shamakin yake. Mataki na biyu, HEAR-Net, shi ke mayar da shi.

Alamomin kuskure

Masu tantance bidiyon bogi suna duba waɗannan wurare hoto bayan hoto. Sukan ga ƙarfen tabarau yana ɓacewa yana dawowa, ko yatsu sun narke cikin kumatu, ko gemu ya yanke a miƙaƙƙen layi. Rashin waɗannan alamu ba ya tabbatar da cewa bidiyo na gaskiya ne, domin shacin da aka zana da kyau yana iya ɓoye su.