Yadda ake fitar da harajin VAT daga farashin da aka riga aka haɗa shi a ciki

Harajin sayen kayayyaki, wanda ake rubutawa VAT a jikin rasit, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a Najeriya tun ranar 1 ga Fabrairu, 2020. Ɗora shi a kan farashi ba wuya. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne idan farashin ya zo da harajin a cikinsa, ana kuma son a ware rabon gwamnati.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayar da janareta a kan naira 215,000, haɗe da haraji. Da yawa za su ɗauki kalkuleta su nemi kashi 7.5 na wannan kuɗi, su sami naira 16,125. Wannan kuskure ne, domin harajin a kan farashin asali aka lissafa shi, ba a kan jimlar da mai saye ya biya ba.

Idan farashin asali kashi 100 ne, to jimlar kashi 107.5 ce. Saboda haka sai a raba 215,000 da 1.075, a sami naira 200,000, wato kuɗin janaretan shi kaɗai. Abin da ya rage, naira 15,000, shi ne harajin. Wanda ba ya son lissafi mai ɗigo yana iya raba jimlar gida 43 ya ɗauki gida 3: kowane gida 5,000 ne, uku kuwa 15,000.

Ke nan gajeriyar hanyar ta ƙara naira 1,125 a kan harajin gaskiya. A ciniki ɗaya wani zai ce bai taka kara ya karya ba, amma duk cinikin da aka lissafa haka sai harajinsa ya kumbura da kashi 7.5 cikin 100. Mai sayarwa zai miƙa wa hukumar tara haraji fiye da abin da ya karɓa, daga ribarsa, littafinsa kuma ya nuna ciniki ƙasa da na zahiri.

Gane kuskuren abu ne mai sauƙi: a mayar da harajin a ga ko jimlar za ta dawo. Wanda ya cire 16,125 zai rage da 198,875, kuma idan ya ɗora kashi 7.5 a kai zai tsaya a wajen 213,791, bai kai 215,000 ba. Shi kuwa 200,000 yana komawa daidai.

Sai dai rabawa da 1.075 tana aiki ne kawai idan duk abin da ke cikin jimlar yana ɗauke da harajin. Rasit da ya haɗa da kayan da ba a cajin mai saye VAT a kansu, kamar magunguna da kayan abinci na yau da kullum, sai an fara tsame kuɗinsu gefe. Tsofaffin takardun da aka rubuta kafin Fabrairun 2020 kuma da 1.05 ake raba su.